Hirar Rukuni a Binciken Masu Sauraron Rediyo: Sharhi a kan Dacewarta da Ƙasar Yauri

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu auna wata hanyar bincike da ta samu karɓuwa a sassan koyar da aikin jarida na jami'o'inmu, wato hirar rukuni, inda ake tara mutum 6 zuwa 10 a sa musu wani shiri, sa'an nan wani jagora ya ja su da tattaunawa a kansa. Mun zaɓi ƙasar Yauri, wato ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga na Jihar Kebbi, don mu gwada ƙa'idojin da littattafai suka shimfiɗa. Ra'ayinmu shi ne hanyar tana da amfani, amma yadda aka saba aiwatar da ita tana iya kawo wa mai bincike muryar manyan gari kurum, shi kuwa ya rubuta ta da sunan muryar jama'a.

Yana da kyau mu tuna cewa a gidan rediyo aka haifi wannan hanya. A shekarar 1941 Paul Lazarsfeld ya gayyaci Robert Merton ya ga yadda ake gwada shirye-shirye a ofishin binciken rediyo na Jami'ar Kolombiya, a birnin New York. Ana ba masu sauraro maɓalli kore da ja, su danna kore in abu ya yi musu daɗi, ja in bai yi ba, daga baya a tambaye su dalili. Abin da Merton ya fara kushewa shi ne mai tambayar yana sa wa mutane magana a baki. Daga nan shi da Patricia Kendall suka buga maƙalarsu a 1946, littafin kuma ya biyo baya a 1956 tare da Marjorie Fiske. Mutanen da ake tarawa a irin wannan zama baƙin juna ne, in an tashi kowa ya kama gabansa, ba wanda zai sake haɗuwa da wani a masallaci ko a kasuwa. A kan wannan sharaɗi aka gina akasarin ƙa'idojin, shi ne kuwa sharaɗin da ba ya samuwa a ƙauyen masunta.

Don kada maganar ta tsaya a sama, bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin ruwa da ya taso daga Jihar Neja ya nufi Wara, hedkwatar Ngaski, ya nutse, aka yi asarar rayuka masu yawa. Mu ƙaddara cewa wani gidan rediyo ya shirya sanarwa ta minti 2 da Hausa, tana jan kunne a kan lodin da ya wuce kima da kuma sa rigar kariya, aka ce mu gano yadda mutanen bakin Tafkin Kainji suka fahimce ta.

Haɗa rukuni

Littattafai sun ce a tara mutane masu kama da juna. Tambayar ita ce, kama ta wace fuska? Mai binciken da ya zo daga birni yakan ga "mutanen ruwa" abu ɗaya ne, ya aika wa Sarkin Ruwa ya tara masa mutum 8. Sarkin Ruwa kuwa zai kawo waɗanda ba za su ba shi kunya ba, shi ma ya zauna a gaba. A wannan zama za a samu mai jirgi da yaronsa mai karɓar kuɗi, da fasinjan da mai jirgin ke bi bashi, wataƙila har da suruki da mijin 'yarsa. Yaron jirgi ba zai ce maigidansa yana yin lodi fiye da kima ba. Mijin 'ya ba zai musa wa surukinsa ba, ko da ido ba zai haɗa da shi ba. Idan aka tashi, rahoto zai ce rukuni ya yi ittifaƙi, alhali mutum biyu ne suka yi magana, shida suka yi kunya.

Saboda haka ma'aunin rabon rukuni a nan shi ne wa ke iya musa wa wa. A misalinmu, mu za mu raba gida huɗu: masu jirage, da fatake maza masu bin kasuwannin bakin ruwa, da mata masu sayar da bandar kifi, da samari masu aiki a jirgi. Kowane gida a zauna da shi sau biyu a garuruwa daban, alal misali sau ɗaya a Yelwa, sau ɗaya a Wara, domin zama ɗaya ba ya nuna ko abin da aka ji ra'ayin masu sana'ar ne ko tasirin wani mutum guda mai baki. Zama 8 ke nan, mutum 64. Shi Sarkin Ruwa a kai masa gaisuwa, a nemi izninsa, a yi hira da shi shi kaɗai, wadda ita ce ma ta fi dacewa da girmansa. Abokan wasa kuwa, kamar taubasai, alheri ne a cikin rukuni, don a cikin raha suna faɗa wa juna gaskiyar da ba mai iya faɗa da fuska a ɗaure.

Sai batun harshe, wanda a Yauri ya fi na wurare da yawa sarƙaƙiya. Akwai Gungawa masu harshen Reshe, da Kambari, da Dukawa, da Shangawa, da Lopawa, ga Sarkawa, ga Hausawa. Frank Salamone, wanda ya yi bincike a Yauri, ya nuna a maƙalarsa ta 1975 yadda Gungawa ke rikiɗa su zama Hausawa. Ma'anar wannan ga mai bincike ita ce, in ya rubuta "ƙabila" a takardar tantancewa, amsar da zai samu ta dogara ga wanda ya yi tambayar da wanda ke tsaye kusa. Gara ya tambayi mutum da wane harshe yake magana da 'ya'yansa a gida. Kusan kowa yana jin Hausa, amma jin Hausar ciniki daban, iya gardama da ita a gaban mutane daban. Matar da Reshe ne harshenta na gida, in aka haɗa ta da matan Yelwa, shirunta zai shiga rahoto a matsayin yarda.

Jagoran hira

An ce jagora ya zama ɗan ba-ruwanmu. Wannan ba a hannunsa kaɗai yake ba, domin mutane su ke yanke ko shi wane ne tun kafin ya buɗe baki. Waɗannan garuruwa suna da tarihi da baƙo mai takarda da alƙalami. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, an tashi mutane kimanin 44,000 daga tsibirai da gaɓar Kwara aka sake musu matsuguni. A shekarun 1990 kuma shirin haɗin gwiwa na Nijeriya da Jamus don bunƙasa kamun kifi a tafkin ya zo da batun lasisin masunta da hana wani nau'in taru. Duk wanda ya sauka daga mota mai tambari yana tambaya a kan lodin jirgi, za a ɗauka ko dai ya zo rabon kaya ne, ko ya zo ƙirga waɗanda za a ci tara. Na farko za a yaba masa sanarwar, na biyu za a rantse masa ba a yin lodi.

Akwai alamomin da jagora zai gane haka tun ana cikin zama. Idan kowa shi yake kallo in zai yi magana, ana buɗe kowace amsa da godiya ga gwamnati, ana bi da bi daga babba zuwa ƙarami, to gaisuwar fada ake yi. Hira ta kankama ne in mutane sun juya suna fuskantar juna, wani ya katse wani, har an manta da na'urar ɗaukar magana. Tambayar "Sanarwar nan ta yi kyau?" ba ta da amsa sai "ta yi". Abin da ya fi shi ne a sa sanarwar, a ce wa wani ya maimaita ta kamar yadda zai faɗa wa maƙwabcin da bai ji ba, a ga abin da ya riƙe da abin da ya zubar. Sa'an nan a tambaya, "Ranar kasuwa da yamma, in jirgi ɗaya ya rage kuma ya cika, me mutane kan yi?" Da yake "mutane" aka ce, ba "kai" ba, kowa na iya faɗin abin da ya sani ba tare da ya tona kansa ba. Rukunin mata, mace ce za ta jagorance shi, a cikin gida, a lokacin da ba na girki ba. Kuma kowane jagora yana bukatar mataimaki da zai zana yadda aka zauna, ya riƙa rubuta wanda ya yi magana da wanda ya sunkuyar da kai.

Nazarin rubutacciyar hira

A nan ne aka fi yin ɓarna, don a nan ne gajiya ke kama mai bincike. Zama 8 na minti 90 sa'a 12 ce ta magana. In aka ba kowace sa'a sa'a 6 ta rubutawa, an tashi da sa'a 72, kafin a zo ga fassarar wuraren da aka koma Reshe ko Kambarci. Sai a miƙa aikin ga ɗalibin da bai halarci zaman ba, shi kuma ya gyara karin harshen mutanen zuwa Kananci, ya share dariya da shiru.

Ga irin abin da zai iya fitowa a rukunin fatake na misalinmu:

Na ɗaya: Ai kowa ya sa riga.
Na biyu: Haka ne, Baba.
Na uku: To, Allah dai ya kiyaye.
Na huɗu: Rigar ma in ka gan ta ka gaishe ta.

Mai ƙirga zai ce uku cikin huɗu sun goyi bayan saƙon, ya ajiye na huɗu a matsayin barkwanci. Amma rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka "kowa ya sa riga" na iya zama labari, wato kowa ya riga ya sa, yana kuma iya zama umurni, wato ya kamata kowa ya sa. Sai an koma ga muryar da aka ɗauka za a rarrabe. "Haka ne, Baba" ladabi ne ga dattijo, kuma takardar mataimaki ce za ta nuna ko mai faɗin ɗan ƙanen na ɗaya ne. "Allah ya kiyaye" sau da yawa hanya ce ta rufe zance ba tare da an ɗauki ɓangare ba. Na huɗu, wanda aka yi wa dariya, shi ne ya kawo bayanin da gidan rediyo ke bukata: babu rigar a jiragen da yake shiga, saboda haka sanarwar tana umurtar fasinja da abin da ba a hannunsa yake ba, kamata ya yi ta fuskanci masu jirage da hukuma. Abin da za a bi a duba shi ne ko wannan magana ta sake fitowa a zaman Wara da na Yelwa, ko mata sun faɗe ta da nasu lafazin, da kuma abin da masu jirage suka ce a kan tsadar rigar.

Ko David Morley, wanda ya nuna wa rukunoni 29 shirin Nationwide na BBC a binciken da ya buga a 1980, an soke shi da cewa ya ɗauki kowane rukuni tamkar mai murya ɗaya, ya danne saɓanin da ke cikinsa. Idan haka ta faru a tsakanin ɗalibai da ma'aikatan Ingila, sai a fi tsammaninta a inda tsarin girma ya fi ƙarfi. Don haka muke ganin bai halatta a rubuta "kashi 75 cikin 100 na masunta" daga hirar mutum 64 da aka zaɓo da gangan ba. Wanda ke son alƙaluma sai ya ɗauki abin da hirar ta tono, irin su rashin rigar da jirgin ƙarshe na ranar kasuwa, ya mayar da su tambayoyi, ya bi garuruwan bakin tafkin da takardar ƙidaya.