Gaisuwar babba ba ta tsara ba ce

Akwai kuskuren da ya yawaita a darussan tarbiyya da wasannin kwaikwayo na makarantunmu: ana koyar da gaisuwa tamkar jerin kalmomi. Yaro ya haddace "ina kwana", a ce ya iya. Alhali a ƙauyukan El Alasan Mairerai, a ƙasar Mayahi, da "ina kwana" ɗin nan ake gaida uba, da ita ake gaida aboki. Bambancin yana ga wanda ya je, da wanda ke tambaya, da abin da jiki ya yi.

Mu ɗauki saurayin da ya iske ƙanen mahaifinsa bisa tabarma a ƙofar gida. Shi zai je, ba zai gaishe shi daga nesa ba. Zai tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya sadda kai, ya ce, "Baba, ina kwananku?" Ba ya ambaton suna, ba ya miƙa hannu sai an miƙo masa. Shi ya buɗe gaisuwar, amma dattijon ke jan ta: ina gajiya, ina mutanen gida, ina aikin gona? Saurayi ya amsa "lahiya lau" a taƙaice, ya jira a sallame shi da "Allah ya yi maka albarka".

In ya gamu da tsaransa a kasuwar Tasawa kuwa, tsaye za su tafa, kowa ya kira kowa da suna ko laƙabi. Tambayoyi na hawa kan juna, a ƙare da ba'a, domin babu mai bin wani bashin girma.

Dalili shi ne gaisuwar babba musaya ce: ƙarami ya kawo ladabi, babba ya biya da albarka da alkawarin tsaya masa ranar neman aure ko rikicin gona. Shi ya sa ake gane gaisuwar da ta ɓaci. In saurayin da ya dawo daga cin rani ya miƙa hannu yana tsaye, dattijo ba zai yi faɗa ba. Zai ce "lahiya", ya yi shiru: ba tambaya, ba addu'a.

Kuma ba shekaru kaɗai ke hukunci ba. Jika na iya tsokanar kakarsa mai shekara 80, ya kira ta matarsa, amma ya durƙusa wa surukin da bai kai rabin shekarunta ba. Dangantaka ce ma'auni.

Wasu malamai na ƙyamar durƙuso, suna cewa ya yi kama da sujada, kuma samari da dama sun koma rusunawa kaɗan. Wannan muhawara ce ta siffa. Abin da ya kamata malamin makaranta ya koyar shi ne ginshiƙin: wa ke zuwa, wa ke jira, wa ke sa albarka. Yaron da ya san kalmomi bai san wannan ba, yakan yi gaisuwa, ya tashi hannu wofi.