Fom ɗin kasafi: a kulle lissafi, a bar wurin bayani

Daga makarantun kuɗi na Gyadi-Gyadi zuwa ofisoshin da ke kan titin Zariya a Tarauni, yayin da ake ciki shi ne akanta ya aika wa shugabannin sassa fom ɗin Excel guda, a kulle, kowa ya cike kasafinsa ya dawo da shi. Ina goyon bayan haka. Wanda ya taɓa haɗa kasafin sassa goma sha biyu ya san dalili: wannan ya rubuta "dizal", wancan "man inji", wani "man janareta", sai `SUMIF` ta kama ɗaya ta bar biyu. Jerin zaɓi na Data Validation na maganin wannan, musamman idan an ɗora shi kan lambobin asusu irin na gwamnati, inda 22020803 ke nufin man janareta.

Inda nake ja da masu tsara fom shi ne wuce gona da iri wajen kullewa. A Excel kowane gida a kulle yake tun asali, amma kullin ba ya aiki sai an danna Protect Sheet. Aikin mai tsarawa shi ne zaɓen gidajen da zai buɗe, kuma da yawa suna buɗe na adadi da farashi kawai. To shugabar ɗakin gwaje-gwaje da ke son gyaran firinji, ba ta ga layinsa a jerin ba, ina za ta kai naira 450,000? Za ta cusa su cikin kayan rubutu. Jimla ta yi daidai, kasafi ya zama ƙarya, kuma babu fomular da za ta gano. A bar layuka biyar a ƙasa masu zaɓin "Sauran buƙatu", da gidan bayani a buɗe kusa da kowane layi.

Jerin zaɓin ma ba katanga ba ne. Yana tantance abin da aka buga da hannu ne kawai. Abin da aka kwafo aka liƙa wucewa yake yi. Idan wani ya liƙa "N450,000", Excel na ɗaukarsa rubutu, `SUM` ta tsallake shi ba tare da gargaɗi ba. Shi ya sa nake son gidan dubawa a saman shafi:

```
=COUNTA(D5:D40)-COUNT(D5:D40)
```

Idan bai nuna sifili ba, akwai kuɗin da ba su shiga jimla ba.

Shafin umarni kuwa, gaskiya kaɗan ne ke buɗe shi. A taƙaita shi ga ranar dawo da fom, launin gidajen da ake cikewa, da wanda za a tuntuɓa. Sauran a sa a Input Message, ya fito daidai lokacin da mutum ya danna gidan. Kafin a raba fom ɗin, a ba shugaban sashe ɗaya ya gwada a wayarsa, domin da yawa a waya za su buɗe shi, ba a kwamfutar akanta ba.