Kalma ɗaya, fassara ɗaya? Nazari a kan wani jadawalin kalmomin addini

Wani jadawali ya zo hannunmu, wanda aka shirya domin fassara laccar Larabci a kan Suratut Tauba zuwa rubutun Hausa da ke bayyana a ƙasan hoton majigi. Ƙa'idarsa ita ce kowace kalmar Larabci ta sami takwara guda, kada a sauya ta har ƙarshen lacca. Niyyar mai kyau ce, domin mai kallo da ya ga "zakka" yanzu, ya ga "kyauta" an jima, zai zaci abu biyu ake nufi. Amma an ɗora ƙa'idar a kan siffar kalma, alhali a kan ma'ana ya kamata a ɗora ta.

Mu ɗauki "salat". Jadawalin ya ba ta "salla", ya wuce. Malamin kuwa ya yi bayanin aya ta 84 da ta 103, inda aikatau ɗaya ya zo tare da harafin "ala". A ta 84 sallar gawa ake nufi, wadda aka hana yi wa munafukai. Nan "yi masa salla" ya zauna daidai. A ta 103 an umarci Annabi (SAW) ya roƙa wa masu ba da dukiyarsu alheri. Mai fassara ya bi jadawali, ya sa "yi musu salla", Bahaushe kuma ba ya jin wannan sai ga mamaci. Ke nan an yi wa rayayyu jana'iza. "Addu'a" ake bukata. Da malamin ya jawo aya ta 56 ta Suratul Ahzab, sai ga ma'ana ta uku, wadda Hausa ta daɗe da ware wa kalmarta, wato "salati".

Haka "sadaka" a aya ta 60: zakka ce ta farilla mai rukunin masu karɓa takwas, Bahaushe kuwa sadakar ganin dama zai fahimta. (Lacca ta Ingilishi ta fi wannan haɗari, don kalma ɗaya ke ɗauke da salla da addu'a duka.)

A littafi ana iya gyara da sharhi a ƙasan shafi. A majigi babu wannan dama: layi biyu ne, kowanne bai cika wuce haruffa 42 ba, kuma cikin daƙiƙa shida ko bakwai sun ɓace. Abin da mai kallo ya karanta da fari, shi zai tafi da shi.

Saboda haka muna ganin a ba "salat" gurbi huɗu a jadawalin, kowanne da alamar gane shi: abin da ya biyo bayan aikatau, da wanda ake yi dominsa, rayayye ne ko mamaci ko Annabi. Bayan an gama fassara, a nemo duk inda "salla" ta fito, a koma daƙiƙar da aka faɗe ta, a saurari malamin.