A cire ƙayar, a bar ƙashin

Akwai wani tsohon akawu a unguwarmu wanda ake kai wa wasiƙa kamar yadda ake kai wa tela riga ya rage mata wuya. Na taɓa zama kusa da shi ranar da wani mai kanti ya kawo takardar da ya rubuta wa mai gidan da yake haya. Farkonta ke nan: “Kai mayaudari ne. Ka ci kuɗina, ka bar ni cikin yoyo, ba ka da tsoron Allah.”

Tsohon bai ce masa ya yi haƙuri ba. Tambaya ya shiga yi. Yaushe ka biya? Nawa? Me ya ce da bakinsa? Me ya lalace? Ashe duk abin da zai tsayar da maganar ba ya cikin takardar, zagi ya cinye wurin. Mai kanti ya biya naira 180,000 ranar 3 ga Janairu, an ce za a gyara rufi kafin damina, ruwan Yuni ya jiƙa buhun fulawa huɗu.

Tsohon ya soke “mayaudari”, domin hukunci ne a kan halin mutum, kuma Alhaji mai gidan zai tsaya kare mutuncinsa ya manta da kwano. Sannan ya yi abin da ya fi burge ni. Inda ake maganar laifi sai ya sa “a”: “har yau ba a gyara rufin ba.” Wannan ya bar wa mutum ƙofar fita, ya ce kafinta ne ya saɓa. Amma inda ake maganar alkawari bai yarda da “an ce” ba. Ya rubuta: “Alhaji, ranar da na biya, ku da kanku kuka ce za ku gyara kafin damina.” Girmamawa na nan cikin “ku”, alkawarin kuma ya sami mai shi.

Mai kanti, da ya ji takarda ta yi laushi, sai ya zarce. Ya ce, “Baba, a ƙara ‘idan da hali a taimaka’.” Tsohon ya girgiza kai ya ce, “Yaro, haƙƙinka kake nema ko sadaka?” Gaskiyarsa. Mai neman taimako ana iya ce masa Allah ya ba da haƙuri, shi ke nan. Abin da ya rubuta shi ne: “Ina neman a gyara rufin kafin 15 ga Yuli, a kuma cire kuɗin buhu huɗun daga hayar baɗi.”

Da ya gama, ya ɗora tafin hannu a kan gaisuwar farko da addu’ar ƙarshe, ya ce mai kanti ya karanta abin da ya rage. Kwanan wata na nan, kuɗi na nan, wa’adi na nan. Sai ya miƙa masa biro, ya ce ya sa hannu, ya kuma yi hoton takardar ya adana kafin ya kai.