Ƙwarewar Karanta Zuciyar Maijego

A ce mata biyu daga Gawuna aka kai Asibitin Muhammad Abdullahi Wase da ke Nassarawa a dare guda, dukkansu masu jego, kowace tana haki, zuciyarta na bugawa sau 120 a minti. Ga idon ɗan rakiya ciwonsu ɗaya. Ƙwararren likita kuwa zai sa wa ɗaya ƙarin ruwa da jini, ɗayar ya yi mata allurar da za ta fitar da ruwa. Da za a musanya maganin nan, ana iya rasa su duka. Abin da ke burge ni shi ne, sau da yawa da ido da hannu da abin sauraren ƙirji yake rarrabewa, tun kafin a kai ga na'urar eko.

Lissafin da ke kansa gajere ne. Ɗakin hagu na zuciyar lafiyayyen baligi yakan cika da jini kamar mililita 120, ya matse, ya bar 50. Wato bugu ɗaya ya tura 70. A ninka da bugu 72 a minti, an sami kusan lita 5. Abubuwa uku ke juya wannan 70 ɗin: yawan cikar zuciya kafin ta matse, turjiyar da take tarar a jijiyoyin da take tura jinin, da ƙarfin naman zuciyar kansa.

Cikar ita ce likitoci ke kira firilod. Otto Frank da Ernest Starling suka nuna cewa idan jini ya ƙara buɗa naman zuciya, matsarsa na ƙaruwa, kamar danƙon harbin tsuntsu da gwargwadon jansa yake cilla dutse. Mace ta farko ta zubar da jini bayan haihuwa, abin da ke komawa zuciyarta ya ragu. Zuciyar lafiya lau take, abin turawa ne babu. Idan aka kishingiɗar da ita, jijiyar wuyanta a kwance take, huhunta kuma tas. A mayar mata da jini, gudun bugun ya sauka da kansa.

Ta biyun ce ke neman natsuwa. Jijiyar wuyanta ta taso har kusa da muƙamuƙi, ƙafafu sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai da matashi uku, ƙasan huhunta na ƙarar ruwa. Wannan raunin zuciya ne na haihuwa, wanda Davidson da Parry suka yi nazarinsa a Zariya a shekarun 1970, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta. Kanwa na riƙe ruwa a jiki, ta ƙara cikar zuciya. Daga baya binciken Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jawo hankali ga ƙarancin sinadarin seleniyam, don haka ba a ɗora wa al'adar laifin duka ba.

A ce eko ya nuna zuciyarta ta buɗe tana ɗaukar mililita 180, amma bayan matsa 140 na nan kwance. Bugu ɗaya 40 kacal, kashi 22 cikin 100 na abin da ta ɗauka, alhali lafiyayya na fitar da fiye da rabi. Sau 120 a minti ya ba da lita 4.8, adadin da zai iya ruɗar mai kallon takarda kawai. Gudun bugun ne ke rufa asiri, kuma yana gajiyar da zuciyar, yana rage mata lokacin cika. A nan dokar Frank da Starling ta kai iyakarta: naman ya yi rauni, ƙarin ruwa ba zai ƙara bugu ba, sai dai ya koma huhu.

Sai likita ya fara da allurar furosemayid. Fitsari ya yawaita, cikar ta ragu, numfashi ya daidaita. Amma idan aka wuce gona da iri, awon jini ya faɗi, jiri ya zo, ƙoda ta fara kuka, shi ya sa ake auna nauyin maijegon da fitsarinta kullum.

Wurin da gwaninta ta fi fitowa, a ganina, shi ne turjiyar jijiyoyi, wato aftalod. Jiki da ya ji jini ya ƙaranta yakan tsuke jijiyoyinsa, hannu da ƙafa su yi sanyi. Lafiyayyar zuciya ba ta cika damuwa da haka ba, mai rauni kuwa kowane ƙarin turjiya yana cin bugunta. Magani irin enalafiril, wanda ba a ba mai ciki sai bayan ta haihu, yana sassauta jijiyoyin. A ce yanzu zuciyar na cika da 175 ta bar 125: bugu ya zama 50, kuma sau 100 a minti ya isa ya ba da lita 5, ba tare da an tilasta wa naman ba.

Magungunan ƙara ƙarfin matsa, irin su dobutamin, ana ajiye su sai awon jini ya faɗi, jiki ya yi sanyi, fitsari ya ɗauke, domin suna ƙara wa zuciya buƙatar iskar oksijin kuma suna iya rikita bugunta. Da yawa daga cikin matan nan ƙarfin zuciyarsu na farfaɗowa cikin watanni, kuma sai an sake yin eko kafin a yi maganar wani cikin.