“A yi min analisis kawai”: roƙon da ba shi da kai, ba shi da gindi

Makon jiya wani ƙanen abokina da ke Gidan Dare a nan Sakkwato ya turo min saƙo da tsakar dare: “Yaya, don Allah a taimaka a yi min analisis, jibi zan miƙa babi na huɗu.” Shi ke nan. Babu bayanan da ya tattara, bai faɗi abin da ya auna ba, bai kuma ce ga abin da yake son sani ba. Da na tambaye shi, sai ya ce, “Ai kai ka iya SPSS.”

Mai karatu, wannan roƙo tamkar ka je wurin tela ne ka ce ya ɗinka maka kaya, ba yadi, ba awo, ba ka ce riga ko wando ba. Ban ga laifin yaron shi kaɗai ba. Mun saba ɗaukar nazarin alƙaluma a matsayin injin niƙa, a zuba a karɓi gari. Alhali tambaya ce ke faɗin abin da za a auna, abin da aka auna kuma shi ke zaɓen gwajin da za a yi.

Bari mu ƙaddara misali. A ce tambayar ita ce: shin yara ’yan ƙasa da shekara 5 da ke kwana cikin gidan sauro sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro? Nan take ka san ginshiƙai biyu da dole su kasance a teburinka: kwana cikin gidan sauro (e ko a’a), da sakamakon gwajin jini (akwai cuta ko babu). A ce yara 120 ne. Cikin 60 masu gidan sauro 18 sun kamu, wato kashi 30 cikin ɗari. Cikin 60 marasa shi 30 sun kamu, kashi 50 ke nan. Tunda duka biyun rukuni ne, gwajin `chi-square` ya dace, zai ba da 5.0, `p` kuma kusan 0.025. Da nauyin yaran ake kwatantawa, da wani gwajin daban za a ɗauko.

Ko a haka ma da sauran rina a kaba. Duk ɗan Sakkwato ya san zazzaɓi ya fi tsanani a ƙarshen damina. In an ziyarci masu gidan sauro a watan Maris, sauran kuma a Satumba, to bambancin da ka gani na yanayi ne. Wanda bai san tambayar ba ba zai taɓa neman ginshiƙin kwanan wata ba. Haka nan wanda ba a gaya masa cewa 99 na nufin “ba a amsa ba” zai haɗa ta cikin lissafin shekaru, matsakaicin shekarun yara ya haura na ’yan sakandare.

To me ke faruwa in mai nazari ya karɓi aikin babu tambaya? Sai ya shiga lalube, yana gwada kowane ginshiƙi da ɗan’uwansa har wani ya nuna `p < 0.05`. Matsalar ita ce wannan ma’auni yana ba da amsar ƙarya sau ɗaya cikin 20 ko da babu wata alaƙa. In ka yi gwaji 20 masu zaman kansu, yiwuwar aƙalla ɗaya ya “fito” bisa sa’a kawai ita ce `1 − 0.95^20`, kusan kashi 64 cikin ɗari. A 2009 Craig Bennett da abokan aikinsa sun nuna haka ta hanyar saka mataccen kifi cikin na’urar hoton ƙwaƙwalwa. Da aka yi dubban gwaje-gwaje ba tare da gyara ba, sai ga ƙwaƙwalwar mataccen kifi wai tana motsi. In ka ga aikin da sakamakonsa bai haɗu da manufofin babi na ɗaya ba, ka yi zargin irin wannan lalube.

Wani zai ce ai duba bayanai ba tare da tambaya ba shi ma ilimi ne. Gaskiya ne, amma amfaninsa shi ne ya haifar da tambaya, wadda za a gwada da sababbin bayanai. Kuma ko shi ɗin yana buƙatar bayanan a hannu. In babu su kwata-kwata, abin da ya rage shi ne a ƙirƙiro lambobi, wannan kuwa maguɗi ne, kuma wata rana wani zai dogara da shi ya yanke shawara kan lafiyar yara.

Abu uku na nema daga ƙanen nan: tambayarsa a jimla ɗaya, teburin bayanansa yadda ya tattara shi, da takarda mai bayyana ma’anar kowane ginshiƙi da lokacin da aka cike shi. Da safe ya zo da takardun tambayoyi cike da leda, ko ɗaya ba a shigar a kwamfuta ba. Daga nan muka fara, kuma na ce ya je ya roƙi malaminsa ƙarin mako biyu.