Wauta Mai Hujja

Wani malamin Hausa a nan Birnin Kudu ya sha gaya wa ɗalibansa cewa labaran ban dariya irin na Gizo da na baƙauye ba su kai a kira su adabi ba, wai dariyar wawa ce kawai, kowa ma zai iya ƙirƙiro wawa. A ganinsa gwaninta tana bakin mai ba da labari, wato habaici da zambo da iya juya magana. Ban yarda ba ko kaɗan, kuma littafin da yake koyarwa da kansa shi ne babban mai ƙaryata shi.

Salon ya daɗe. Daga bakin kakanni a tatsuniyar dare ya shiga takarda, ya fito a Ruwan Bagaja a 1934, ya bunƙasa a Magana Jari Ce da aka fara bugawa a Zariya a 1937, daga baya ya bi wasan kwaikwayo har ya iso hannun marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014.

Mu ɗauki labarin Kalala da Kalalatu na Abubakar Imam, da ke cikin Magana Jari Ce. Maigida ya sa a gyara kaji biyu saboda baƙo, uwargida kuwa kwaɗayi ya ja ta, tana ɗanɗanawa har ta cinye. Baƙo ya iso daidai lokacin da Kalala yake wasa wuƙar yanka nama. Sai ta raɗa wa baƙon cewa wuƙar nan ta kunnuwansa ce, ta juya ta ce wa mijin nata baƙo ya sure kajin ya gudu. Kalala ya bi shi a guje da wuƙa a hannu, yana roƙon a bar masa ko guda ɗaya.

A duba da kyau, a cikin mazan nan biyu babu wawa. Baƙo ya ji ƙarar wasa wuƙa da kunnensa, ya waiwaya ya ga mai wuƙa a bayansa, ya ji ana neman ɗaya daga cikin abu biyu. Wane mai hankali ne zai tsaya? Kalala kuma ya ga akushi wayam, ya ga baƙo yana sheƙa gudu, har ma ya yi sauƙin kai, ya haƙura da kaza ɗaya. Kowannensu lissafinsa daidai yake, tushen lissafin ne ƙarya. Kuma duk abin da ɗaya ya yi don warware matsalar sai ya ƙara tabbatar wa ɗayan zatonsa: gudun baƙo shaida ce ta sata, roƙon Kalala shaida ce ta hauka. Mai karatu da Kalalatu ne kaɗai suka san gaskiya, kuma wannan sanin shi ne yake cika mana ciki da dariya.

Aikin mai labari a nan shi ne shimfiɗa tarko tun da wuri. Dole kajin su zama biyu, don da guda ce roƙon Kalala ba zai haɗu da kunnuwa ba. Dole wuƙar ta shiga hannunsa da dalili na halal kafin a fara gudu. Cire ɗaya daga ciki, labarin ya mutu. Masu cewa ai Imam aro ya yi daga tatsuniyoyin Jamus, gaskiya ne, amma wannan bai taɓa hujjata ba. Ginin shi ne abin koyo.

Inda ake ɓata salon kuwa a bayyane yake. Saurari wasu labaran Bafulatani da ake bayarwa a majalisa tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, inda Hausawa da Fulani suke cin kasuwa ɗaya. Mai labari yakan fara da sanar da cewa ga wani sakarai, ya kwaikwayi karin harshensa, ya riga kowa fashewa da dariya. Ba a ba mutumin dalilin abin da ya yi ba, an dai nuna shi da yatsa. Wannan raini ne, kuma yana ɓata mini rai. Alamar gane shi mai sauƙi ce: sake ba da labarin da murya a kwance, ba kwaikwayo. In dariyar ta gudu, dama babu labari. Na Kalala kuwa ko yaro ɗan firamare ya karanta shi yana tuntuɓe, ajin zai dare.

Haka nake kallon gajerun wasannin barkwanci da samari ke ɗauka da waya yanzu, masu liƙa sautin dariya da kiɗan zolaya duk inda ɗan wasa ya yi kuskure. Mai labari ne ya sake kutso kai yana umartar mu da dariya. Ibro, a wasanninsa da na fi so, fuskarsa a murtuke take, yana kare shirmensa da hujja bayan hujja kamar mai ƙara a gaban alƙali, don a ransa shi ne mai gaskiya, sauran jama'a ne suka kasa ganewa.